Tsinke ya ce akwai, na'ura ta ce babu

Wata amarya ta same ni a ɗakin awo a nan Bukkuyum da abu biyu ƙulle a gefen mayafi. Ɗaya tsinken gwajin ciki ne na kemis, layinsa na biyu dishi-dishi. Ɗayan na'urar nan ce mai ɗan gilashi, maigidanta ya sayo mata daga Gusau, ta rubuto mata "Not Pregnant". Ta ce, "Anti, wanne ke yi mini ƙarya? Maigida ya ce mai tsadar za a bi."

Babu wanda ya yi mata ƙarya. In aka fasa na'urar, tsinke ne a cikinta, sai batir da wani ɗan ido da ke karanta layin a madadin mai ita. Dukansu abu guda suke nema a fitsari, sinadarin hCG, wanda jiki ke fara fitarwa bayan ƙwan da ya haɗu da maniyyi ya manne a mahaifa. Kowane gwaji yana da mafi ƙarancin adadin da yake iya kamawa, ana rubuta shi a jikin kwali ko takardar ciki da mIU/ml. Yawancin tsinkaye 25 ne, akwai na 10. Na'urori kuwa wasu 25, wasu sai ya kai 50. Ƙaramar lamba ita ke riga gani. Sannan ido yana iya hango layi mai rauni, na'ura kuwa ba ta san "kamar akwai" ba: in layin bai kai yadda aka tsara mata ba, babu za ta ce. Amfaninta shi ne tana raba gardamar layi, amma tsadarta ba ta nufin ta fi saurin kamawa.

Na zaunar da ita muka yi lissafi. Ita da tsayuwar wata take ƙirge, don haka a ganinta al'adarta ta yi jinkirin kwana uku ko huɗu. Da muka bi watanninta na baya, sai ga shi duk kwana 35 take gani, ranar gwajin kuma kwana na 33 ne daga ranar da jinin ƙarshe ya fara. Ke nan ko ɓatan wata ba ta yi ba tukuna. Ƙwai yakan fita kimanin kwana 14 kafin al'ada mai zuwa, a wurinta wajen kwana na 21. Mannewa a mahaifa na ɗaukar kwana 6 zuwa 12 bayan haka. Sai sannan hCG ke farawa kaɗan-kaɗan, yana ninkawa duk kwana biyu zuwa uku. Abin da yake 20 yau, zuwa gata yana iya haura 40. Ga kuma wani abu: tsinken da fitsarin asuba ta yi shi, na'urar kuwa sai da yamma, bayan ta wuni tana shan ruwa saboda zafi, fitsarin ya tsinke.

Na ce ta ƙara kwana uku, ta maimaita da fitsarin farko na safe. A kwana na 36 layi biyu suka fito raɗau, muka buɗe mata katin awo.

Ranar gwajin da nake ba sauran mata ita ce washegarin ranar da suke sa ran jini, bisa tsawon al'adarsu, ba ta maƙwabciya ba. Mai shayarwa da ba ta fara gani ba, da wadda ta bar allurar tazarar haihuwa, da wadda al'adarta ke yawo, su ƙirga kwana 21 daga kwanciyar ƙarshe da maigida. In gwajin ya ce babu kuma jini bai zo ba, a sake bayan kwana uku. Kuɗin na'ura ɗaya ya sayi tsinkaye da dama, shi ya sa ni tsinke nake zaɓa wa mai maimaitawa.

Sai dai tsinken yana son kula. Kada fitsari ya wuce layin da aka rubuta MAX. A karanta cikin mintunan da takardarsa ta faɗa, galibi uku zuwa biyar; layin toka-toka da ya ɓullo bayan ya bushe ba ciki ba ne, kuma na sha ganin wadda ta yi albishir a kansa. In layin sama bai fito ba, gwajin ya lalace. Yawanci an rubuta kada a ajiye su a zafin da ya wuce digiri 30, mu kuwa a bazara daga Gummi har Anka muna haura 40, don haka wanda ya daɗe a shagon kwano ko takardarsa ta huje, a bar shi.

Wadda ta yi ɓari kwanan nan tana iya ganin layi biyu har wasu makonni. Wadda kuma ta ga layi, ko mai rauni ne, ga ciwon mara ɓangare ɗaya, ko ɗigon jini, ko jiri, kada ta jira kwana ukun nan. Cikin yana iya zama a wajen mahaifa, ta je asibiti a ranar a yi mata sikanin.