Amsar Tambaya: Kayana sun jiƙe da ruwan sama

Tambaya: A hanyar dawowa daga kasuwar Kazaure zuwa Yankwashi ruwan sama ya yi mini duka. Takalmina na fata da babbar rigata ta shadda sun jiƙe sharkaf. Yaya zan busar da su ba tare da sun lalace ko sun yi wari ba?

Amsa: Malam, fara da takalmin. Goge laka da tsumma mai danshi, sannan ka cusa tsohuwar jarida a ciki don ta tsotse ruwan, ta kuma riƙe siffarsa. Duk lokacin da jaridar ta jiƙe, ka canza ta. Ajiye shi a inuwa inda iska ke kaɗawa, kwana ɗaya zuwa biyu. Kada ka kai shi bakin murhu ko cikin tsananin rana, domin zafi yana ƙwace maiƙon fata, sai ta ƙandare ta tsage. Idan ya bushe, shafa masa man kaɗanya kaɗan, amma ka sani yana ɗan duhunta launi.

Rigar kuwa, ɗauraye ta da ruwan sanyi, domin ruwan zafi yana sa auduga ta tsuke. Matse ta a hankali, ban da murɗawa. Juya cikinta waje, ka baza ta sosai a kan igiya.

Wari kuwa, dunƙule kaya da danshi ne ke jawo shi, musamman a watan Agusta da iska ke cike da laima. Taɓa wuyan rigar da wajen aikin zare; in da sauran sanyi, kada ka ninke ta cikin akwati.