Sanarwa Ga Iyayen Yara: Ciwon Ido Na Apolo Ya Shigo Islamiyyarmu



'Yan uwa iyaye maza da mata, muna sanar da ku cewa a cikin wannan makon malamai sun ga wasu yara a ajin ƙanana na Islamiyyarmu da jan ido, da hawaye, da kwantsa. Iyayen da suka kai nasu asibiti an shaida musu cewa ciwon nan ne da kowa ya sani da suna Apolo. Ba mu rufe makaranta ba, karatu na nan yana tafiya. Kada hankalin kowa ya tashi, don galibi wannan ciwo yakan warke da kansa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne abubuwan da mutane kan ɗiga wa yaro a ido da sunan magani, don su ne suka fi jawo ɓarna. Shi ya sa muka ga ya dace darasin wannan Juma'ar ya tsaya a kan wannan magana.

Mene ne Apolo, kuma ta ina yake bi?

Apolo kumburi ne na siririyar fatar da ta lulluɓe farin ido da cikin fatar ido. Mafi yawan lokaci ƙwayar cuta irin ta mura ce ke kawo shi, wadda likitoci ke kira bairos. Sunan ya samo asali ne tun 1969, lokacin da annobarsa ta ɓarke a Ghana a shekarar da kumbon Apolo na Amurka ya sauka a duniyar wata, sai mutane suka laƙaba masa sunan, har yau kuma da mu da maƙwabtanmu haka muke kiransa.

Yaro yakan fara da cewa kamar akwai yashi a idonsa. Sai ido ya yi ja, fatar idon ta kumbura, hawaye ya yi ta zuba, da asuba kuma a tarar kwantsa ta manne idon. Yawanci ido ɗaya ke farawa, bayan kwana ɗaya ko biyu ɗayan ya kama.

Akwai maganar da ake yi cewa in ka kalli idon mai Apolo za ka ɗauka. Wannan ba haka ba ne. Ƙwayar tana cikin hawaye da kwantsa, hannu ne ke ɗaukarta. Yaro ya murza ido, ya kama buta, ɗan uwansa ya ɗauki butar ya yi alwala ya wanke fuska, to shi ke nan ta samu hanya. Haka take bi ta tawul, da matashin kai, da hankici, da gefen hijabi ko zanen da uwa ke share wa yara fuska da shi, da kuma tandun kwalli. Wani lokaci tana zuwa tare da mura, sai ta bi ta tari da atishawa. Baƙin tabarau yana rage wa mai ciwon zafin haske kuma yana hana shi yawan taɓa idon, amma in ba a wanke hannu ba tabarau ba zai kare kowa ba.

Yadda za a kula da yaro a gida

Mu ɗauki misalin gida irin namu na haya: ɗaki ɗaya, miji da mata da yara uku, ƙaraminsu jariri ne, banɗaki kuma na haɗaka da sauran 'yan haya. Ranar Litinin da asuba ɗan shekara bakwai ya tashi ido a manne. Ga yadda ya kamata a bi.

Da farko uwa ta wanke hannunta da sabulu. Ta tafasa ruwa, ta bar shi ya huce sarai, ta zuba a kofi mai tsabta. Ta tsoma auduga mai tsabta, ta share idon daga ɓangaren hanci zuwa waje, shafa ɗaya kawai, ta jefar da audugar a leda. In da sauran kwantsa ta ɗauki sabuwa. Kada audugar da ta taɓa ido ɗaya ta taɓa ɗayan, kada kuma a mayar da ita cikin kofin. Ana iya yin haka sau uku ko huɗu a yini. In idon na yi masa zafi, a jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi, a ɗora a kan idon yana rufe kamar minti biyar zuwa goma. Da ta gama, ta sake wanke hannu kafin ta ɗauki jariri ko ta taɓa abinci. Wannan wankin na biyu shi ne aka fi mantawa, kuma ta nan ciwon ya fi zagaye gida.

Daga ranar a ware wa yaron tawul ɗinsa, da soson wankansa, da matashinsa. A riƙa wanke rigar matashi da tawul da sabulu da ruwan zafi, a shanya a rana su bushe ƙarau. Ko da ɗaki ɗaya ne, a matsar da shimfiɗarsa daga ta jariri, a kuma hana shi ɗaukar ƙanin nasa har ya warke. A yanke masa farce. Kwalli kuma a ajiye shi gaba ɗaya a gidan, manya da yara, har ciwon ya fita. Tandun da mai ciwon ya yi amfani da shi, da maɗigin, gara a haƙura da su a sayi sabo.

Game da wanke hannu, mu lura da wani abu. Alhamdulillahi mu mutane ne masu alwala sau biyar, amma ruwa zalla ba ya fitar da ƙwayar kamar yadda sabulu ke yi, kuma a alwala hannun nan kai tsaye fuska yake zuwa. Don haka a wannan lokaci mu fara wanke hannu da sabulu tukuna, gaba da baya da tsakanin yatsu, kamar daƙiƙa 20, sannan mu fara alwala.

Abubuwan da ba za a sa a ido ba

Don Allah, don Annabi, kada a ɗiga wa yaro fitsari, ko ruwan nono, ko ruwan gishiri da aka haɗa a gida, ko ruwan sukari, ko albasa, ko lemun tsami, ko ruwan batir, ko ruwan wani ganye. Mun san masu ba da wannan shawara ba mugunta suke nufi ba, wani ma zai ce ya gwada ya warke. Gaskiyar ita ce ciwon da ma zai tafi da kansa, sai maganin ya karɓe yabon. Amma fitsarin mai ciwon sanyi in ya shiga ido yana iya cinye baƙin idon cikin 'yan kwanaki, ruwan batir kuwa ƙona ido yake yi, kuma irin wannan makanta ba ta gyaruwa.

Haka nan maganin ɗigawa na kemis. Akwai wasu da ke ɗauke da sinadarin da ake kira sitiroyid, masu sa jan ido ya washe da wuri har mutum ya ce ya samu magani mai kyau. In akwai ƙaramin gyambo a baƙin idon, irin wannan magani ƙara faɗaɗa shi yake yi, in kuma aka daɗe ana sawa yana iya jawo hawan ruwan ido. Sai likita ya duba ya rubuta ake amfani da shi. Su kuma magungunan kashe ƙwayoyin bakteriya ba sa kashe bairos, likita ne zai gane ko yaron na bukatarsu. In an rubuta wa yaro magani, nasa ne shi kaɗai, kada a zagaya da kwalba ɗaya a idon 'yan gida duka, kada kuma bakin kwalbar ya taɓa ido.

Yaushe za a tafi asibiti a ranar?

Ba kowane jan ido ne Apolo ba. A kai yaro asibitin da ke da sashen ido ba tare da jira ba in ya ce gani ya ragu ko yana ganin dishi-dishi bayan an share kwantsa, ko zafin ya yi tsanani har ba ya iya buɗe ido a haske, ko an ga farin tabo a kan baƙin idon, ko ruwan mugunya mai kauri yana ta fita ana sharewa yana dawowa nan take. Haka in mako ya cika babu sauƙi, ko abin gaba yake yi.

Jaririn da bai kai wata ɗaya ba, in idonsa ya yi ja ko yana fitar da mugunya, wannan ba na jira ba ne ko na kwana ɗaya. Sannan in jan idon ya zo da zazzaɓi mai zafi da tari da majina, daga baya ƙuraje suka fito a bayan kunne da fuska, to a yi tunanin ƙyanda, musamman ga yaron da ba a yi wa rigakafi ba. A kai shi asibiti, a kuma sanar da mu nan take, don ƙyanda hukuncinta daban ne.

Abin da muka tsara a makaranta da masallaci

Yaron da idonsa ke hawaye ko kwantsa ya zauna a gida, har makarantar boko. Ya dawo in idon ya daina zubar da komai kuma jan ya ja baya, wanda ga yawancin yara yakan ɗauki kamar mako guda. Ko bayan ya dawo a ci gaba da ware masa tawul na wani makon. Ba za a rubuta masa fashi ba, malaminsa zai biya masa karatun da ya wuce shi. Mun san iyaye mata da yawa suna da sana'a, iyaye maza kuma suna kasuwa, amma kada a ce tunda ba ya zuwa makaranta sai a tafi da shi rumfa ko a ɗora masa talla. Can ma hannu da kuɗi ke yawo.

Mun ajiye sabulu da bokiti mai famfo a ƙofar aji da wurin alwala. Kowane yaro zai wanke hannu da shigarsa da fitarsa. Kowa ya zo da allonsa da littafinsa, a daina aro na ɗan lokaci. Bayan an tashi za a riƙa goge butoci da benci da mariƙin ƙofa da ruwan bilic, tabarmi kuma a shanya su a rana. Babban da ya kamu, Malam Liman ya ce yana da uzurin yin sallarsa a gida har ya samu sauƙi, in kuma ya zo to ya taho da dardumarsa, ya yi sallama da baki ba sai an yi musabaha ba.

Roƙonmu na ƙarshe, kada a tsangwami yaran da suka kamu, kada a tsaya binciken ɗan wane ne ya kawo. Ciwo ne da ke kama ɗan kowa, mai tsabta da marar tsabta. Kuma kada a ɓoye. Wanda ya ga alama a gidansa ya faɗa wa shugaban malamai ko ya same mu a ofis bayan sallah, mata kuma su sanar da malamar ajin mata. Da haka ne za mu san ko abin raguwa yake yi, mu kuma za mu ba ku labarin inda aka kwana a takardar Juma'a mai zuwa, in sha Allahu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare mana idanunmu da na 'ya'yanmu, Ya sa albarka a kasuwancinmu. Amin.

Sakataren Masallaci, a madadin Kwamitin Masallaci da Islamiyya.