Yadda Ake Rufe Sanarwar Rediyo da Kira Ba Tare da Takura wa Mai Sauraro Ba

A ce an ba ka aikin rubuta sanarwar daƙiƙa 30 kan awon ciki. Kalmomi kamar 70 kawai za ta ɗauka, kuma layi biyun ƙarshe su ne ke zama a kunne. Da su nake fara rubutu, sauran su biyo baya.

Da farko ka zaɓi abu guda da kake so a yi. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai juna biyu ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8, na farko cikin makonni 12 na farkon ciki. Kada ka jibga mata takwas ɗin a rufewa. Zuwan farko kaɗai za ka nema, sauran ungozoma za ta tsara mata.

Sai ka faɗi wuri da rana. Na fi son sunan wuri a kan lambar waya, domin lambar Najeriya alƙaluma 11 ce, tana cin lokaci, kuma mai tuƙa tuwo ba ta da biro a hannu.

Wurin da aka fi tuntuɓe shi ne lafazi. "Maza ku garzaya" da "kada ku bari a ba ku labari" sun sha jiki har kunne ya daina jin su. Wanda ya fi muni shi ne tsoratarwa: "Duk wadda ta ƙi zuwa, ta kuka da kanta." Matar da kuɗin mota ya hana ta fita, ko take jiran izinin maigida, zargi za ta ji a nan, kuma wanda aka zarga ba ya amsa gayyata. Cire barazanar, ka sa dalili a gurbinta, dab da kiran, yadda zuwan zai zama shawarar da ita ma za ta iya yankewa. Tunda maigida na da ta cewa, ka sako shi cikin girmamawa:

"Awo da wuri kan gano hawan jini da ƙarancin jini tun ba su yi nisa ba. Uwargida, ki leƙa asibitin unguwarku ranar Talata da safe. Maigida, a taimaka a raka ta."

Lura da "ki leƙa" da "a taimaka": umarni ne, amma irin wanda ake yi wa ɗan'uwa. Sai dai kada laushin ya wuce gona da iri. Idan ka tara "in da hali" da "in an samu sarari", ka ba da uzurin zama da bakinka.

Bayan kiran kada ka ƙara sabon bayani. Karanta rubutun da murya ga wadda ba ta san shi ba, sau ɗaya tak, ka tambaye ta me aka ce ta yi. In ta ce "awo, ranar Talata", kai shi ɗakin naɗa murya. In ta ce "an dai yi maganar lafiya", koma kan layi biyun nan.