Wasiƙar Ajiye Aiki: Nazarin Misali Guda Daga Abuja

A watan Satumba na 2024 yayana, wanda injiniyan gine-gine ne, ya samu gurbin ƙaro ilimi, ya zama dole ya bar kamfanin da ya yi wa aiki shekara shida a Abuja. Ya rubuta wa ofis takarda da Turanci, amma yana son ta Hausa domin Alhajin da ke da kamfanin, wanda ya riƙe shi tamkar ɗa. Ya ce ai ni ce mai karatun Hausa. Mu kuwa Gbagyi ne, a makaranta da kasuwa na koyi harshen, don haka na zauna da fargaba.

Tun a kanu na yi tuntuɓe. Na rubuta "Takardar Murabus", wata ƙawata Bakatsiniya ta yi dariya, ta tambaye ni ko yayan nawa sarki ne. Murabus ya fi dacewa da mai sarauta ko babban muƙami. Ritaya ta wanda ya gama shekarun aiki ce, sallama kuma sau da yawa mai kamfani ne ke yin ta. "Barin aiki" ba kuskure ba ne, sai dai "ajiye aiki" ya fi taushi, domin abin da aka ajiye wani zai iya ɗauka. Ga yadda wasiƙar ta kasance:

"Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne domin in sanar da kai cewa zan ajiye aikina na injiniyan da ke kula da gininmu na Jahi. Ranar Laraba, 2 ga Oktoba, 2024, ita ce ranata ta ƙarshe, wato wata guda daga yau, kamar yadda takardar ɗaukata aiki ta tanada. Dalili shi ne ƙaro ilimi.

Ina godiya da amanar da ka ba ni. Na zo ban taɓa riƙe gini ni kaɗai ba, ka danƙa mini bene mai hawa uku. Allah ya saka da alheri.

Kafin in tafi zan miƙa wa wanda ka zaɓa zanen ginin da gyare-gyaren da aka yi masa, da littafin aikin kullum, da lissafin siminti da rodin da suka rage. Za a zuba dekin hawa na biyu ranar 17 ga Satumba, sakamakon gwajin kankarensa na kwana 28 kuma sai 15 ga Oktoba, bayan tafiyata. Ina roƙon a turo magajina kafin ranar zubin, mu tsaya a kai tare.

Idan na saɓa maka, a yafe mini. Ka huta lafiya."

Mai karatu ya lura da "zan ajiye". Da farko "ina so in ajiye" na sa, don ina ganin ya fi ladabi. Yayana ya ƙi, ya ce wannan neman izini ne, Alhaji zai iya cewa a dakata sai baɗi. "Na ajiye" kuma shuɗaɗɗen lokaci ne, yana nuna mutum ya riga ya kama gabansa. Ladabin sai aka bar wa gaisuwa da godiya, sanarwar ta fito fili.

Wata gudan ma ba ka muka yi ba. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ya ce wanda ya yi shekara biyar ko fiye ya ba da sanarwar wata guda, kuma ba a lissafa ranar da aka ba da ita. Amma ma'anar "ma'aikaci" a dokar ba ta haɗa da masu aikin ƙwararru irin injiniyoyi ba, shi ya sa wasiƙar ta dogara da takardar ɗaukar aiki.

Sakin layi na uku ya fi burge ni, kuma ba ni na tsara shi ba. Ni cewa na yi "zan miƙa komai yadda ya kamata". Yayana ya ce wannan ba ta gaya wa kowa komai ba. A ranar zubi ake ɗibar samfurin kankare, a fasa wasu a injin gwaji bayan kwana 7, sauran bayan kwana 28. Idan sakamakon ƙarshe ya gaza, magajin da bai ga zubin ba ba zai san ko ruwa ne ya yi yawa a kwaɓin ko samfurin ne ba a adana da kyau ba, kuma sunan wanda ya tafi za a fara kira.

Yayana bai aika da wasiƙar ba, da hannunsa ya kai bayan ya yi wa Alhaji bayani da baki. Magajin nasa ya iso Jahi kwana biyar kafin zubin.