Gurbin Sauti a Rubutun Mai Ba da Labari

Kuskuren da ya fi yawa a shirye-shiryen rediyo shi ne ɗora sauti a kan kalmar da ke ɗauke da ma'anar jimla, har mai sauraro ya rasa duka biyun. Saboda haka ya kamata marubuci ya karanta rubutunsa da babbar murya, ya yi alama a wuraren numfasawa, domin nan ne gurbin sauti.

Umarnin sauti, wato bayanin da ake rubuta wa mai haɗa murya, yana zama a layinsa daban, ya faɗi abin da za a ji da tsawonsa da yadda zai ƙare. Idan labari ya ce manomi ya isa kasuwar Dawanau da asuba, hayaniyar kasuwa za ta shigo bayan kalmar asuba, ta yi daƙiƙa 3 ita kaɗai, sannan a rage ta ƙarƙashin murya.

Kiɗa kuwa a ajiye shi don sauyin wuri ko lokaci, kuma a guji mai waƙa a ƙarƙashin magana. A ƙarshe a saurari shirin ta ƙaramar rediyo. Duk kalmar da ta ɓace, sautin wurin ya yi yawa.