Zaman Yuni, maganin rigimar Disamba

Wani mai karatu, shugaban sashen ajiya a wani kamfanin rarraba kaya, ya rubuto mini da damuwa. Ya ce bara a watan Disamba ya ba magatakardansa maki 2 cikin 5 a takardar auna aiki, saboda rahoton wata-wata ba ya zuwa kan lokaci. Mutumin, wanda ya girme shi da kusan shekara goma sha biyar, ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "Yallaɓai, wata goma sha biyu muna gaisawa, ba ka taɓa ce mini komai ba." Tun ranar gaisuwarsu ta yi sanyi. Yana tambaya, bana yaya zai yi?

Malam, gaskiya dattijon nan ya fi ka hujja. Kara ka yi masa, na sani, amma karar da ta ƙare da rage wa mutum maki cuta ce. Duk abin da ma'aikaci zai gani a takardar ƙarshen shekara ya kamata a ce ya riga ya ji shi daga bakinka, a lokacin da yake da sauran damar gyarawa. Amfanin zaman tsakiyar shekara ke nan, a ƙarshen Yuni ko farkon Yuli.

Ka sanar da shi mako guda kafin ranar, ka kuma faɗa masa abin da za ku tattauna, don in ka ce "zo ina son ganinka" kawai, zai kwana yana zaton takardar tuhuma ce. Minti arba'in ya isa, ku biyu kaɗai, ƙofa a rufe.

Kafin nan ka yi naka aikin. Kada ka shiga da "kullum kana makara", domin zai tuno wata guda da bai makara ba, magana ta koma musu. Ka buɗe fayil ka ƙirga. A ce an yi da shi rahoto zai iso ranar 5 ga kowane wata. Na Janairu da na Afrilu sun zo daidai, sauran huɗun sun iso tsakanin ranar 9 da 12. Wannan za ka ajiye a gabansa, da ranakunsa.

Amma kafin ka ajiye, ka yi masa tambaya ɗaya: "Malam, da yau ce ƙarshen shekara, nawa za ka ba kanka cikin biyar?" Ka yi shiru ka jira, ko da shirun ya yi nauyi. In ya ce huɗu alhali kai biyu ke ranka, to ratar nan ita ce rigimar da ke jiranku a Disamba, ga ta ta fito tun a Yuni. Ka faɗi naka makin da bakinka. A nan yawancin shugabanni ke zamewa, su yi ta kewaye-kewaye da yabo, har mutum ya fita yana murna bai san an yi masa gargaɗi ba.

Sai ka nemi dalili, kuma ka shirya jin abin da ba ka so. Mai yiwuwa ya nuna maka cewa a wata uku cikin huɗun, wani reshe ne bai turo lissafinsa ba sai ranar 7. In haka ne, kiran manajan reshen aikinka ne, magatakarda ba shi da bakin tsawata masa. Sai ku raba nauyi: kai ka tabbatar lissafin rassa ya iso ranar 2, shi kuma ya gama ranar 5, in wani abu ya tsaya ya sanar da kai ranar 3.

Ta yaya za ka gane zaman bai yi ba? In duk abin da ka ji shi ne "to, yallaɓai" da "in sha Allahu za a gyara", ladabi ka samu, yarjejeniya ba ta ƙullu ba. Ka roƙe shi ya maimaita abin da kuka tsayar da kalmominsa. A ranar kuma ka rubuta shi cikin layi biyar ko shida, da ranaku da wanda zai yi me, kowa ya riƙe kwafi. Ku sa ranar sake dubawa a Satumba.

Kada maganar ƙarin girma ko albashi ta shigo wannan zama, don da zarar ta shigo ita kaɗai zai ji. Babban laifi kuma, irin ɓatan kaya ko ƙin zuwa aiki, ba ya jiran Yuni, ranar da ya faru ake maganarsa.

Game da bara kuwa, ka buɗe zaman da ba shi haƙuri a kan shirun da ka yi. Ka duba kalandarka yau ka tsayar da ranar.