Darasi: Yadda Za a Ajiye Lambobin Waya da Saƙonni a Kwamfuta ta Hanyar Kebul

Yawancinmu lambobin dangin da muka rabu da su a cikin waya kaɗai suke. Idan wayar ta ɓata, ko ta faɗa ruwa, ko gilashinta ya mutu, lambobin sun tafi ke nan, kuma neman ɗan'uwa ba tare da lambarsa ba yana iya ɗaukar watanni. Darasinmu na wannan fitowa zai nuna yadda za a kwafe su zuwa kwamfuta da kebul. Aikin ba ya buƙatar data.

Abu ɗaya muke so ku riƙe tun farko: jona waya da kwamfuta kawai ba ya kwafe lambobi. Kwamfuta tana ganin hotuna da sauran fayil, amma ba ta ganin jerin sunayenku. Sai kun fara tattara su cikin fayil guda, sannan a ɗauke shi. Bayaninmu na wayar Android ne, kamar Tecno, Itel da Infinix, da kwamfuta mai Windows. Za mu ba da sunan da ke kan allo da Turanci da kuma Faransanci, domin dukansu akwai su a nan.

Mataki na 1: Haɗa lambobin wuri guda

Lambobi suna zama wuri biyu: wasu a cikin waya, wasu a kan katin sim. A wayoyi da yawa, fayil ɗin da za mu yi ba ya ɗaukar na kan sim. Wannan ya fi shafar waɗanda suka tsallako iyaka da tsohon layinsu, domin sau da yawa lambobin mutanen gida a kansa suke. Ku sa tsohon sim ɗin a waya ko da ya daina kira, ku buɗe `Contacts`, ku shiga `Settings` ko `Paramètres`, ku zaɓi `Import` ko `Importer`, ku kwaso na sim zuwa cikin waya. Daga nan ku duba yawan sunayen idan wayar tana nunawa, ku rubuta adadin a takarda.

Mataki na 2: Mayar da su fayil

A wuri ɗaya ɗin, ku danna `Export` ko `Exporter`. Wayar za ta yi fayil mai ƙarewa da `.vcf`. Idan ta tambaye ku inda za ta ajiye shi, ku zaɓi `Download`, don ya yi sauƙin samu.

Mataki na 3: Jona kebul

Ku buɗe makullin wayar da hannunku, sannan ku jona ta. Za ta fara caji kawai. Ku jawo saman allo ƙasa, ku taɓa sanarwar `USB`, ku zaɓi `File transfer` ko `Transfert de fichiers`. A kwamfuta a buɗe `This PC` ko `Ce PC`, sunan wayar zai fito. A shiga cikinta, a buɗe `Download`, a kwafi fayil ɗin zuwa sabuwar folda.

Idan waya tana caji amma sanarwar ba ta fito ba, galibi laifin kebul ne. Wasu kebul masu araha wayoyin wuta kaɗai ke cikinsu, ba su da na ɗaukar bayani. A canza wani. Idan kuwa sunan wayar ya fito amma cikinta wayam, to allon ya kulle, ko ba a zaɓi `File transfer` ba.

Mataki na 4: Tabbatarwa

Kada ku tashi sai kun gani da idonku. A buɗe fayil ɗin da `Notepad` ko `Bloc-notes`. Kowane mutum zai fito da kama irin wannan:

```
BEGIN:VCARD
FN:...
TEL;CELL:...
END:VCARD
```

Layin `FN` suna ne, layin `TEL` kuma lamba. Sunan da aka rubuta da Larabci ko da haruffa masu lanƙwasa yana iya fitowa a hargitse. Ba lalacewa ya yi ba, zai daidaita idan ya koma waya. Amma idan girman fayil ɗin `0 KB` ne, babu komai a ciki, sai a sake mataki na 2.

Ga misali. A ce wata uwa tana da lambobi 120 a waya, da 60 a tsohon sim, har da ta ɗanta da suka rabu a hanya. Idan ta tsallake mataki na 1, za ta iya samun fayil mai lambobi 120, ta ɗauka aiki ya kammala. Hanyar ganewa ita ce a danna `Ctrl` tare da `F`, a rubuta lambobi huɗu na ƙarshen lambar ɗan. In ba a same su ba, a koma a kwaso na sim, a sake yin fayil. Don haka ku zaɓi mutum uku da ba ku so ku rasa, ku neme su ɗaya bayan ɗaya.

Batun saƙonni

Saƙonnin tes ba sa bayyana a kwamfuta ta kebul. Hanya mafi sauƙi ita ce ɗaukar hoton allo na waɗanda ke da muhimmanci, kamar saƙon ranar ganawa ko na shigar kuɗin tallafi. Ku buɗe saƙon, ku danna maɓallin kunna waya da na rage sauti lokaci guda, ku tabbata kwanan wata da sunan mai aikowa sun fito. Hotunan suna cikin foldar `Screenshots`, a ƙarƙashin `Pictures` ko `DCIM`. A kwafe ta kamar yadda aka kwafi lambobi.

Na WhatsApp kuwa, akwai folda mai suna `Databases` da ake iya kwafa, amma a kulle take: ba a karanta ta a kwamfuta, kuma ba ta dawowa sai da lambar da aka yi rajista da ita. Wanda ya rasa layinsa ba za ta amfane shi ba. Don haka a nan ma a ɗauki hoton saƙonni masu muhimmanci.

Kwamfutar wa ce?

Fayil ɗin `.vcf` ba shi da kalmar sirri. Duk wanda ya buɗe shi zai ga sunaye da lambobin danginku, har da waɗanda suke can gida cikin haɗari. Idan kwamfutar ta haya ce, ko mutane da yawa ke amfani da ita, ku mayar da ita gada kawai: a tura foldar zuwa filas ko memori naku, a goge ta kan kwamfutar, sannan a share `Recycle Bin` ko `Corbeille` a gabanku. Kada ku ba kowa lambar buɗe wayarku, kada kuma ku bar ta a jone ku tafi. Filas ɗin a ajiye shi tare da takardun rajista, ba a aljihu ɗaya da waya ba.

Ranar da kuka sami wata wayar, a jona ta, a zuba fayil ɗin cikin `Download`, a buɗe `Contacts`, a danna `Import`, a zaɓe shi. Ku tuna cewa abin da ke waya a ranar da aka yi shi kaɗai ya ƙunsa, don haka ku sabunta shi duk lokacin da kuka sami sababbin lambobi, kuma kafin kowace tafiya. Lambobi goma mafi muhimmanci ku rubuta su a takarda ma. Mai tambaya ya zo teburin kula da kariya a lokacin aiki, za mu fassara masa. Allah Ya sada kowa da danginsa lafiya.